Yadda ake hana cinikayya huɗu zama kasada ɗaya a ɓoye

Wanda ya ɗan jima a kasuwar musayar kuɗi ya san dokar kashi ɗaya: kada asarar ciniki guda ta wuce kashi 1 cikin 100 na jari. Doka ce mai kyau, kuma ni ma da ita nake aiki. Sai dai tana da rami, domin ciniki ɗaya kawai take gani a lokaci guda. Mutum yana iya binta sau huɗu ba kuskure, amma idan aka haɗa hudun sai a tarar abu ɗaya ya saya da suna huɗu, kuma labari ɗaya zai iya kwashe su duka cikin minti goma.

Zan bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Lambobin cikinsa na zaɓe su ne don lissafi ya fito fili, kai kuma sai ka sa naka a gurbinsu.

A ce jarinka dala 10,000 ne, kashi 1 ɗinsa dala 100. Da safe ka buɗe cinikayya huɗu. Ka sayi EUR/USD, ka sa iyakar asara, wato abin da manhaja ke kira Stop Loss, a tazarar maki 40. Ka sayi GBP/USD da tazarar maki 50, ka sayi AUD/USD da tazarar maki 25, sannan ka sayar da USD/CHF. Maki a nan shi ne motsin lamba ta huɗu bayan ɗigo a farashi. A tagwayen kuɗin da dala ke zuwa a ƙarshe, cikakken lot ɗaya raka'a 100,000 ne, kuma kowane maki dala 10 ne. Don haka ka ɗauki lot 0.25 a na farko, 0.20 a na biyu, 0.40 a na uku, na huɗun ma ka daidaita shi a kan dala 100. Kowanne ya bi doka.

Mataki na farko: warware kowane ciniki gida biyu

Kowane tagwayen kuɗi cinikayya biyu ne a dunƙule. Idan ka sayi EUR/USD, ka sayi yuro ka sayar da dala. Idan ka sayar da USD/CHF, ka sayar da dala ka sayi faran na Suwizalan. Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya, gefe ɗaya abin da ka saya, ɗaya gefen abin da ka sayar, kuma a gaban kowane kuɗi ka rubuta kasadar cinikin.

A misalinmu, gefen saye zai nuna yuro dala 100, fam dala 100, dalar Ostareliya dala 100, faran dala 100. Gefen sayarwa kuwa suna ɗaya ne sau huɗu: dalar Amurka, dala 400. Ashe ra'ayi ɗaya gare ka, cewa dala za ta faɗi, kuma ka ɗora masa kashi 4 na jarinka. Da wani ya tambaye ka da safe ko za ka sa kashi 4 a kan faɗuwar dala, da ka ce a'a.

Wannan matakin ba ya buƙatar kwamfuta, kuma a ganina shi kaɗai yana kama mafi yawan matsalar. Ga masu hannun jari ma haka ake yi, sai dai tambayar takan zama: wane abu ne idan ya motsa zai taɓa su duka? Kamfanonin fasaha biyar sukan ji ciwo tare idan kuɗin ruwa ya hau. Kamfanonin haƙar mai suna bin farashin ɗanyen mai. Wanda ya sayi asusun da ke bin ma'aunin hannun jarin Amurka na S&P 500, ya ƙara da mai bin Nasdaq 100, ya kuma sayi Apple da Microsoft daban, ya sayi waɗannan kamfanonin biyu sau uku, domin suna cikin manyan da ke ɗauke da ma'aunan biyu. Ƙananan kuɗaɗen kirifto kuwa, a ranar da bitkoyin ya faɗi warwas, da wuya ka ga wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Mataki na biyu: auna yadda suke tafiya tare

Akwai alaƙar da suna ba ya nunawa. Sayen AUD/JPY, wato dalar Ostareliya a kan yen na Japan, da sayen hannun jarin Amurka ba su haɗa kuɗi ko ɗaya ba, amma sau da yawa jirgi ɗaya ne ya kwaso su, domin dukansu suna tashi idan hankalin kasuwa a kwance yake, suna faɗuwa idan tsoro ya shigo. Irin wannan sai an auna.

Ma'aunin alaƙa lamba ce tsakanin -1 da +1. Idan ta kusa +1, abubuwan biyu suna tafiya tare. Idan ta kusa -1, wannan na hawa wancan na sauka. Idan tana kusa da sifili, kowa harkar gabansa yake. Ka sauke farashin rufe kasuwa na kwana 61 na abubuwa biyu, ka zuba su a Excel ko Google Sheets, ɗaya a layin B ɗaya a layin C, daga jere na 2. A layin D da E, daga jere na 3, ka fitar da canjin kowace rana:

```
=B3/B2-1
=C3/C2-1
```

Ka ja su har ƙasa zuwa jere na 62, sannan a wani gurbi ka rubuta:

```
=CORREL(D3:D62,E3:E62)
```

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, suna auna farashin kansa maimakon canjinsa na kullum. Abubuwa biyu da suka yi wata uku suna hawa za su ba ka lamba babba ko da babu abin da ya haɗa su, saboda kawai dukansu sun fara a ƙasa sun ƙare a sama. Abin da kake son sani shi ne, a ranar da wannan ya faɗi, wancan ma yana faɗuwa? Canjin kullum ne ke amsa wannan.

Ka maimaita awon da kwana 20 na ƙarshe kawai. Na kwana 60 yana nuna halin da aka saba, na kwana 20 yana nuna abin da ke faruwa yanzu. Idan sun saɓa, ni wanda ya fi muni nake ɗauka. Kuma idan cinikinka na sa'o'i ne, ka auna da canjin sa'a-sa'a, domin awon ya dace da tsawon lokacin da kake riƙe ciniki.

Saura abu ɗaya wanda idan aka manta shi lissafin duka ya juye: alkiblar cinikinka. A ce ka samu -0.85 tsakanin EUR/USD da USD/CHF. Mai gaggawa zai ce madalla, ɗaya yana kare ɗaya. Amma kai ka sayi na farko ne ka sayar da na biyu, don haka sai ka juya alamar, ta koma +0.85. Ƙa'idar ita ce idan duka biyun saye ne, ko duka sayarwa ne, ka bar alamar yadda take. Idan ɗaya saye ne ɗaya sayarwa, ka juya ta. Bayan juyawar ne za ka ga cewa waɗannan biyun ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Me lambar take nufi ga aljihu? Akwai ɗan lissafi da nake so ƙwarai, mai nuna yawan kasadar da ke tsaye da ƙafarta a cikin cinikayyarka, idan girmansu ɗaya ne. A ciki n shi ne yawan cinikayya, r kuma matsakaicin alaƙar da ke tsakaninsu:

```
n / (1 + (n - 1) * r)
```

Idan huɗun nan ba su da alaƙa, amsa 4 ce. Idan matsakaicin alaƙarsu 0.8 ne, sai a raba 4 da 3.4, a samu kusan 1.2. Wato kana biyan kuɗin dillali sau huɗu, kana gadin allo huɗu, amma abin da ke hannunka bai kai ciniki ɗaya da rabi ba. Ga wata hanyar kallonsa. A ce kowane cinikinka rabi da rabi ne tsakanin riba da asara. Idan huɗun ba ruwan wani da wani, su faɗi gaba ɗaya sau ɗaya ne cikin 16. Idan kuwa abu ɗaya ne, ranar asarar dala 400 tana iya zuwa kusan sau ɗaya cikin biyu ko uku. Irin wannan rana uku a jere ta cinye kusan kashi 12 na jari, alhali mai shi yana rantsuwa bai taɓa wuce kashi 1 ba.

Mataki na uku: raba su gida-gida, ka sa wa kowane gida rufi

Yanzu sai ka tara 'yan gida ɗaya wuri ɗaya. Ciniki biyu gida ɗaya suke idan sun haɗa kuɗi ɗaya a gefe ɗaya na takardarka, ko idan alaƙarsu bayan gyaran alama ta kai 0.7. Tsakanin 0.4 da 0.7 nakan ɗauke su maƙwabta, in lissafa rabin kasadar ɗaya a cikin gidan ɗaya. Waɗannan iyakokin ba wahayi ba ne, al'ada ce ta masu sana'ar, kuma wani yana tsayawa a 0.6. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka rubuta naka tun kasuwa tana rufe, kada ka zaɓe shi lokacin da wani ciniki yake ɗaukar idonka.

Sannan rufi hawa uku. Nawa shi ne kashi 1 ga ciniki ɗaya, kashi 2 ga gida ɗaya, kashi 5 ga duk abin da ke buɗe a lokaci guda. Hanyar zaɓen na tsakiya mai sauƙi ce: tambayi kanka nawa za ka iya rasawa a kan labari ɗaya, washegari ka zauna gaban allo da hankalinka a jikinka, ba tare da neman ramuwa ba. Amsar ita ce rufin gida. Kuma a wajen lissafinsa ka haɗa kasadar kai tsaye, dala 100 da dala 100 su zama 200. Kada ka yi wa kanka ragi da cewa ai alaƙar 0.8 ce ba 1 ba. Rufin an yi shi ne don mummunar rana, kuma a ranar nan ragin ba ya nan.

Mataki na huɗu: shigar da gidan ƙarƙashin rufinsa

Mu koma misalinmu. Gidan faɗuwar dala yana ɗauke da dala 400, rufi kuwa dala 200 ne. Akwai hanya uku, kuma ba daidai suke a wurina ba.

Hanya ta farko, wadda na fi so, ita ce zaɓe. Ka dubi huɗun ka ɗauki biyu mafi kyau a cikakken girma, ka bar sauran. Wanda zai fara fita shi ne USD/CHF, tunda maimaicin EUR/USD ne. A cikin sauran ukun, ka fifita waɗanda alaƙarsu ta fi rauni. Yawanci yuro da fam sun fi kusa da juna fiye da yuro da dalar Ostareliya, wadda ke da nata dalilan kamar farashin ƙarfe da tattalin arzikin Sin. Zaɓen yana da wata fa'ida: yana tilasta maka ka faɗi wanne ne ka fi yarda da shi, kuma sau da yawa sai ka gane na uku da na huɗu don marmari kawai ka buɗe su.

Hanya ta biyu ita ce rabo. Idan ukun duk sun yi maka, ka raba dala 200 gida uku, kusan dala 66 kowanne. A EUR/USD, 66 a raba da maki 40 ya ba da dala 1.65 kowane maki, wato lot 0.16 idan aka sauke shi ƙasa, kasadarsa dala 64. A GBP/USD, 66 a raba da 50 ya ba da lot 0.13, kasada dala 65. A AUD/USD, 66 a raba da 25 ya ba da lot 0.26, kasada dala 65. Jimilla dala 194, ƙasa da rufi. Ka lura girman lot aka rage, ba a taɓa tazarar iyakar asara ba. Wasu sukan matso da iyakar kusa don lissafi ya shiga, sai ƙaramin motsin kasuwa ya fitar da su daga cinikin da daga baya ya tafi inda suka yi hasashe. Iyaka tana zama inda ra'ayinka zai tabbata kuskure ne, girman lot shi ke bin ta.

Hanya ta uku ita ce bi da bi. Ka buɗe biyu, ka jira. Idan na farko ya yi nisa cikin riba har ka mayar da iyakarsa farashin shiga, kasadarsa a takarda ta zama sifili, gurbin dala 100 ya buɗe, sai na uku ya shigo. Tana aiki, amma ina tsoronta, domin sifilin nan na takarda ne. Iyakar asara umarni ne na a rufe a farashin da aka samu, kuma idan farashi ya yi tsalle, ko a buɗewar kasuwa bayan hutun ƙarshen mako ko a kan babban labari, za a rufe maka can nesa da inda ka sa. Tsallen kuma dukan 'yan gidan zai shafa lokaci guda. Saboda haka ko iyakokinsu duk sun koma farashin shiga, ba na barin gida ɗaya ya wuce cinikayya uku.

A ce da rana ka ga damar sayen zinare, XAU/USD. Kafin ka taɓa madannin, ka koma takardarka. Zinare da dala ake farashinsa, sayensa sayar da dala ne, don haka gidansa ya cika. Ko dai ka bar shi, ko ka rufe wani ka ba shi gurbin. Wannan dubawar ta kafin shiga ita ce aikin kullum, kuma ba ta wuce minti biyu.

Kariyar da ba kariya ba ce

Akwai dabarar da ke zuwa wa kowa a rai idan ya gane ya tara da yawa a gefe ɗaya: ya buɗe wani ciniki a kishiyar gefe don ya rage nauyi. Mai EUR/USD a saye sai ya sayar da GBP/USD. Ka warware su a takarda ka gani. Dala ta kashe dala, abin da ya rage shi ne sayen yuro da sayar da fam, wato ka sayi EUR/GBP ba tare da ka taɓa nazarinsa ba, kuma ka biya dillali sau biyu. Kasadar ba ta tafi ba, riga ta sauya.

Ranar 15 ga Janairun 2015 ta nuna iyakar wannan dabarar. Tun watan Satumban 2011 babban bankin Suwizalan ya hana EUR/CHF sauka ƙasa da 1.20, wanda ya sa faran yake bin yuro sau da ƙafa, EUR/USD da USD/CHF suka zama kamar mutum da hotonsa a madubi. Wanda ya sayi duka biyun yana ganin ya daidaita kansa, alhali EUR/CHF ya saya. A ranar nan bankin ya janye iyakar ba sanarwa, cikin mintuna farashin ya faɗo ƙasa da 1.00, iyakokin asara da yawa ba su samu mai saye a inda aka ajiye su ba, wasu asusun suka koma bashi. Alaƙar da awon shekara uku ya nuna tana da ƙarfi, hukuncin hukuma ɗaya ne ke riƙe da ita. Don haka idan ka ga lamba mai ƙarfi ƙwarai, ka tambayi me ke riƙe da ita. Idan ciniki ya yi maka yawa, ka rage shi ko ka rufe wani sashe, ya fi sauƙi kuma ya fi tsabta.

Juyin wannan ma yana faruwa, kuma shi ya fi yawa: abubuwan da ba su da alaƙa a ranakun lafiya su haɗe a ranar tashin hankali. A tsakiyar watan Maris na 2020, hannun jari da ɗanyen mai da bitkoyin sun faɗi tare, har zinare ya yi kwanaki yana sauka, saboda kowa yana sayar da abin da zai sayu don ya samu tsabar dala. A 2022 hannun jari da takardun lamunin gwamnati, waɗanda aka daɗe ana ɗauka ɗaya yana tallafar ɗaya, sun faɗi tare yayin da babban bankin Amurka yake ɗaga kuɗin ruwa. Dalilin rufi na uku ke nan, na kashi 5. Awon kwana 60 ba zai gaya maka irin wannan makon yana tafe ba, don haka sau ɗaya a rana ka haɗa kasadar duk abin da ke buɗe, kamar gida ɗaya ne, ka duba ko za ka iya ɗauka.

Akwai ranakun da an san da zuwansu. Kwamitin kuɗin ruwa na babban bankin Amurka yana zama sau takwas a shekara bisa jadawali, rahoton ayyukan yi na Amurka kuma galibi Juma'ar farko ta wata yake fita. A sa'ar da ake sanar da waɗannan, duk abin da ke da dala a jikinsa yana motsi tare, ko da awonka ya ce alaƙarsu 0.5 ce. Kafin irin wannan sa'ar nakan soke rangwamen maƙwabta, in lissafa kowa a cikakken nauyinsa, idan gidan dala ya wuce rufi in rage tun kafin lokacin ya yi.

Yadda za ka gane kana cikin matsalar tun tuni

Littafin cinikinka zai faɗa maka. Ka buɗe tarihin watanni uku da suka wuce, ka jera cinikayya bisa lokacin rufewa. Nemi wuraren da biyu ko uku suka taɓa iyakar asara cikin sa'a ɗaya, ka zagaye su, ka ɗauke su a matsayin asara ɗaya. Sannan ka haɗa ribar ko asarar kowace rana, ka dubi ranaku biyar mafi muni. Idan dokarka kashi 1 ce amma waɗannan ranakun suna nuna kashi 3 ko 4, ka ga girman kasadar da kake ɗauka a zahiri. Wata alamar tana kan allo: idan duk layukan cinikinka kore suke zama tare, ja ma tare, ba a taɓa samun gauraye ba, to gida ɗaya ne.

Ka ƙara gurbi biyu a littafin daga yau, ɗaya sunan gida, ɗaya jimillar kasadar gidan bayan wannan cinikin ya shiga. A cike su kafin a buɗe ciniki. Awon alaƙa kuwa sau ɗaya a mako ya isa, a ƙarshen mako lokacin da kasuwa take rufe, kuma idan wasu biyu da ke gida daban suka haura 0.7 a awon kwana 20, ka haɗe gidajensu a ƙarƙashin rufi ɗaya na kashi 2 har sai lambar ta sauko mako biyu a jere.